Ina neman taimako kan auna fulawa da yis na burodin mutum 60

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Kwana biyu ke nan lissafi ya hana ni barci.

Takardar da nake bi ta mutum 8 ce: fulawa kofi 3, sukari rabin kofi, yis ƙaramin cokali 2. Taron namu mutum 60 ne, wato in ninka sau bakwai da rabi.

Na ɗauki kofin fulawa a kan giram 120, sai ya ba ni giram 2,700. Amma da na ɗebo da kofina na ɗora a sikeli, sai na ga giram 145, saboda dannawa nake yi wajen ɗiba. Da wannan awon lissafin ya koma kusan giram 3,260, bambancin ya fi rabin kilo! Gwajin da na yi da giram 120 ƙullun ya yi ruwa, yana manne wa hannu.

To wanne zan bi? Sannan yis ɗin, ƙaramin cokali 15 zan zuba, wato babban cokali 5, ko kuwa ana rage shi idan ƙullu ya yi yawa? Ina tsoron ya tashi da wuri ya yi tsami kafin in gama gasa kashin farko.