Muhawara: "Edita ya ɓata min babi na uku"

Ɗan Samaru: Jama'a, ku yi mana hukunci. Na ba wani edita babi na uku na kundina, wato babin hanyoyin bincike, ya gyara min Turanci, sai ya dawo da shi jawur. Jimlata ita ce "Soil samples was randomly collected from different farms and dried overnight at room temperature." Kuskure ɗaya ne a ciki, "was" ta koma "were". Shi kuwa ya ja layi a ƙarƙashin "randomly", ya jero min tambayoyi huɗu a gefe. Ni dai na ce edita ba shi da hurumin taɓa komai sai nahawu.

Malamar Kididdiga: Malam, kafin a je ga hurumi, yaya ka zaɓi gonakin?

Ɗan Samaru: Hanyar Shika muka bi, duk gonar da muka tarar da mai ita kuma ya yarda, mu ɗiba. Gonaki shida, samfur biyar a kowacce.

Malamar Kididdiga: To ai "randomly" ba ta dace da abin da ka yi ba. A bakin masu bincike ma'anarta ɗaya ce, ƙuri'a. Wato kana da jerin duk gonakin yankin, ka ba kowacce lamba, kowacce tana da damar fitowa. A Excel ma ana yi: ka sa `=RAND()` a gefen kowane suna, ka jera, ka ɗauki shidan farko. Kai kuwa gonar da ke nesa da titi ba ta da rabon shiga, haka wadda mai ita ya tafi kasuwa ranar. Sunan naka "convenience sampling", kuma ba abin kunya ba ne a rubuta shi haka. Illar tana gaba: idan ka bar kalmar, mai karatu zai ɗauka sakamakonka yana wakiltar duk gonakin yankin, alhali gonakin bakin hanya kawai ka auna.

Na Tudun Wada: Hajiya, kin tsananta. Kowa ya san idan ɗalibi ya rubuta "randomly" yana nufin bai yi son rai ba. Ku shiga laburare ku buɗe kundin ɗalibai, haka kowa ke rubutawa kuma an ba su digiri.

Malamar Kididdiga: Rashin son rai niyya ce, ƙuri'a kuwa aiki ne da wani zai iya maimaitawa. Babi na uku aiki yake bayyanawa.

Na Tudun Wada: Ku masu lissafi kullum haka kuke, kamar ku kaɗai kuka iya bincike. Ki je gona da damina ki ga ko jerin sunaye zai kai ki.

Dakta na Ƙasa: Ku tsaya. Wahalar fili gaskiya ce, amma maganinta a faɗi abin da aka yi. Kuma akwai mataki biyu da kuke haɗawa. Zaɓen gonaki daban, zaɓen wuraren da aka haƙa a cikin kowace gona daban. Mai yiwuwa a cikin gonar ya bi tafiyar zigzag da aka saba, sai ya rubuta hakan a jimlarta. Ni abin da ya fi damuna ma "overnight at room temperature" ne. Ɗaki a Zariya da sanyin Janairu ba ɗaya ba ne da ɗaki a zafin Afrilu, kuma "overnight" tana iya zama awa 8 ko awa 16. Ƙasar da ba ta gama bushewa ba tana ɗauke da nauyin ruwa, idan ka auna giram 10 ba giram 10 na ƙasa ke hannunka ba, duk lissafin da ya biyo baya ya karkace. Idan abin da ya yi ke nan, jimlar za ta iya zama "Thirty soil samples were collected at 0–20 cm depth from six farms selected by accessibility, air-dried for 72 h and passed through a 2 mm sieve." Zurfin da awannin da girman rariyar misali na bayar, shi ne zai sa na gaskiya daga littafinsa na lab. Nan ne iyakar edita: ya tambaya a gefe, kada ya cike adadi da kansa. Editanka tambaya ya yi, bai ƙirƙira ba, don haka ban ga laifinsa ba.

Amaryar Kongo: Ni ma sufabaizana ya soke min duk "we" da na rubuta, ya ce haramun ne a rubutun ilimi. Ashe editoci ma haka suke.

Na Tudun Wada: Gaskiya ya faɗa miki. Babi na uku dole a ɓoye mai aikin, "were collected", "were analysed". Ƙa'ida ce.

Dakta na Ƙasa: Al'ada ce mai ƙarfi, ba ƙa'ida ba. Tsarin APA ya yarda marubuci ya ce "we" idan yana bayyana abin da ya yi. A kundin digiri a bi abin da sashe ya tsara, a mujalla a duba umarninta ga marubuta. Abin da ba a sassauci a kansa shi ne lokaci: aiki ya riga ya wuce, don haka "will be collected" da ake kwasowa daga furofozal dole ta koma "were collected".

Amaryar Kongo: Allah ya gafarta Malam, mu a wajenmu sufabaiza shi ne tsarin. Ku na kimiyya ba ku san halin da muke ciki ba.

Yaya Babba: Ni tambayata nawa ya biya editan? Idan na shafi ne, ai dole ya cika shafin da jan biro don a ga ya yi aiki.

Malamar Kididdiga: Yaya, wannan zato ne. Ɗan Samaru, sauran tambayoyin fa?

Ɗan Samaru: Ɗaya a kan "different farms", wai guda nawa kuma a ina. Ɗaya a kan "overnight". Ta ƙarshe a wata jimla ce, inda na ce "centrifuged at 3000 rpm", wai in ba shi da `× g`. Wannan kuma ina ruwansa da Turanci?

Dakta na Ƙasa: Da ruwansa, domin rpm gudun juyawa ne kawai, ƙarfin da samfur ya ji kuma ya danganta da nisansa daga tsakiyar injin. Ga lissafin ƙarfin, wato RCF da ake rubutawa da × g, r kuma shi ne nisan a santimita:

```
RCF = 1.118 × 10^-5 × r × rpm^2
```

Idan r santimita 10 ne, 3000 rpm ya ba ka kusan 1,000 × g. Idan 15 ne, ya kai kusan 1,500 × g. Wanda zai maimaita aikinka da wani inji zai sa 3000 ɗin nan ya samu wani abu daban. Ka auna nisan a jikin rota, wato sashen injin da ke juyawa, ko ka rubuta sunan injin da lambar rotan, mai karatu ya lissafa.

Na Tudun Wada: Duk da haka ban janye ba a kan "randomly". Idan ya cire ta, a ranar difens za a ce aikinsa ba shi da inganci.

Malamar Kididdiga: Idan ya bar ta kuma aka tambaye shi jerin da ya zaɓa daga ciki, me zai nuna?

Admin: Dare ya yi, bari in taƙaita. Kamar yadda Dakta malaminmu ya nuna, editan ya yi daidai ta kowace fuska, kuma mu da muke wannan sana'a ta gyara mun san ɗalibai ba sa gode mana. An amince a cire "randomly". Maganar kuɗi da ta "we" ba su da tushe.

Na Tudun Wada: Ba a amince ba, Admin. Ni ban amince ba.

Ɗan Samaru: Dakta, littafin lab ɗin na duba, ban rubuta awannin busarwar ba. Ranar ɗiba da ranar da na tankaɗe kawai ke ciki, 14 da 18 ga wata. In rubuta kwana huɗu, ko in koma awa?