Haƙarƙari ya yi ƙas: a bari ko a ci gaba da danna ƙirji?

Sani Tela: Jiya a Kasuwar Dole wani dattijo ya yanke jiki ya faɗi, ba motsi, ba numfashi. Wani saurayi ya hau danna masa ƙirji, sai muka ji ƙas! Muka janye saurayin. Ni dai na ce in ƙashi ya karye dole a bari, in ba haka ba kisa ne.

Majo Hadiza: Malam Sani, wallahi janyewar ta fi karayar muni. Haƙarƙari na ɗoruwa, amma ƙwaƙwalwar da jini bai kai mata ba tana fara lalacewa cikin 'yan mintoci. Zuciya tana bayan ƙashin ƙirji, sai ƙirjin ya lotsa santimita 5 zuwa 6, kamar tsawon kwalin ashana, kafin jini ya motsa. A jikin tsoho wannan yakan karya ƙashi ko da an yi daidai. In ka ji ƙas, duba ko tudun tafin hannunka na tsakiyar ƙirji, ka gyara, ka ci gaba.

Alhaji Isufu: Gaskiyar Majo. Da ƙarfi, da sauri iya saurinka.

Majo Hadiza: Ƙarfin na yarda, Alhaji, saurin kuwa yana da iyaka: 100 zuwa 120 a minti, wato kusan biyu a daƙiƙa. In ka zarce, zuciya ba ta samun cika kafin ka sake matsa ta. Kowace danna ka saki ƙirjin ya dawo, kada ka kwanta a kansa. Kuma a ƙasa mai tauri, ba kan katifa ba.

Mariyama: Ni innata da ta suma ruwa kawai muka yayyafa mata ta tashi.

Alhaji Isufu: 'Yata, wannan suma ce, tana numfashinta.

Sani Tela: To ai dattijon ya ja wani gurnani sau biyu, baki buɗe. Mun ɗauka ya dawo.

Majo Hadiza: Wannan shaƙuwar jefi-jefi ba numfashi ba ce, alama ce zuciya ta tsaya, kuma ita ke yaudarar mutane. Ana dakatawa in ya motsa ko numfashi ya daidaita, ko ma'aikatan lafiya sun karɓa, ko wurin ya zama haɗari, ko ƙarfinka ya ƙare ba mai canjinka. Wani ya kira 18, lambar 'yan kwana-kwana a Nijar, ku riƙa canjin hannu duk minti 2.

Laminu Kabu-kabu: Anti Majo, cikin Damagaram ke nan. A ƙauyenmu bayan Mirya ba motar da za ta zo. Har yaushe?

Majo Hadiza: Ba a yanka wa mutumin gari adadin mintoci ba, Laminu. Ni zan ce ku yi ta yi har hannuwa su gaza.

Alhaji Isufu: Nan ban bi ki ba. Iyalinsa na tsaye suna kuka, rabin awa ta wuce, wa zai hana su rufe shi da mayafi?