Rafta uku sun ruɓe, silin ya yi ciki: dole sai an yaye kwanon gaba ɗaya?

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Gidanmu tsoho ne, rufin kwano a kan katako. Silin ɗin falo ya yi ciki a tsakiya, da muka ja zare daga bango zuwa bango sai muka ga ya sauko kamar santimita 4. Ƙanena ya leƙa sama, ya ce rafta uku a jere sun yi baƙi daga wajen da suka hau bango zuwa kusan rabin mita. Kwanon lafiyarsa ƙalau, wuri ɗaya ne yake yoyo. Wani kafinta ya ce a yaye rufin duka, wani ya ce zai gyara ta ciki. Muna cikin gidan da yara, babu inda za mu koma. Don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa mini gaskiya.

Mai Sauri: Wa alaikumus salam. Hajiya ki yaye kawai ki huta. Tsohon kwano ba a yi masa faci.

Maman Biyu: Ai na ce kwanon ba shi da matsala, katakon ne.

Baba Kafinta: Ana yi ta ciki, 'yata, na sha yinsa. Amma kafin a sayi katako ko ɗaya, ƙanenki ya koma sama da sukudireba ya bi raftocin yana sokawa. Inda ya nutse cikin sauƙi, nan ya mutu. Inda ya ƙi shiga, a ja layi da alli. Baƙin da ido ke gani ba shi ne iyakar ruɓa ba, sau da yawa ta wuce nan. Ya soki katakon da ke kwance a kan bango shi ma, wanda raftocin suka zauna a kansa, don a can ruwa yake taruwa.

In wannan na kan bangon yana da rai, aikin ba wuya. A tokare raftocin daga ƙasa, a yanke ruɓaɓɓen wurin, a kawo sabon katako mai kaurin tsohon a jera shi gefe da gefe. Sabon ya zauna daram a kan bango, sannan ya wuce layin allin nan da kusan mita 1 a kan lafiyayyen katako. In da hali ya bi tsawon raftan duka, ya fi. A ɗaure su da bol mai kaurin milimita 10 ko 12, da wosha a kowane gefe, tazarar santimita 30 zuwa 40, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kada su yi layi guda su tsaga katakon.

Ɗan Autan Gida: Mu siminti muka zuba a kan tsagar, sannan muka shafa kwalta. Har yau ko ɗigo.

Baba Kafinta: Naka rufin kankare ne, ɗana. Nata katako ne.

Abu Haidar: Ni na ɗanɗana, kuma ba zan yi shiru ba. Irin wannan daɗin bakin aka yi mini, wai za a gyara ta ciki. Mutumin ya sa jak a ƙarƙashin silin ya ɗaga shi lokaci guda, sai ji muka yi ƙas, filastar bango ta tsage tun daga kusurwa. Bai tsaya nan ba. Akwai dogon katakon nan da ya ratsa daga bango zuwa bango, wai ya tare masa hanya, ya sa zarto ya datse shi. Damina ɗaya tsakiyar rufin ta zauna, bangon gaba ya fara buɗewa ta sama. Ƙarshenta na yaye rufin da nake gudun yayewa, na kuma gyara bango. Na biya sau biyu, shi kuwa ko wayata ba ya ɗauka.

Uwar Marayu: Innalillahi. Allah ya mayar maka da alheri. Ka kai shi ƙara kuwa?

Abu Haidar: Da wace takarda? Da baki muka yi magana.

Injiniya Ƙarami: Abu Haidar, ba gyaran ta ciki ne ya cuce ka ba, yankan katakon nan ne. Shi ne yake riƙe ƙafafun rafta kada su ture bango waje. Ba a taɓa shi sai an sa madadinsa. Ɗagawa kuma a hankali ake yi, kamar milimita 3 a rana, a shimfiɗa faffaɗan katako a ƙasan jak da wani a sama don nauyin ya bazu. Kuma Hajiya ki sani, katakon da ya shekara a lanƙwashe ba ya komawa miƙe sarai. Santimita 4 ɗin nan wataƙila ba raftocin ne suka jawo ba. Zai iya zama katakon silin ɗin ne ya jiƙe ya saki, ko ƙusoshin da suka rataye shi sun zare. A duba shi daban.

Mai Sauri: Yanzu za a shekara ana juya jak ke nan, yaran Hajiya su gama makaranta ana kan milimita ta goma.

Baba Kafinta: Sati biyu ne, in ka iya lissafi. Amma Injiniya, bol ɗin nan da na faɗa ni ban ga ka ce komai ba. Ko littafinku bai yarda ba?

Injiniya Ƙarami: Na yarda, Baba. Inda muka rabu shi ne yankewa ba tare da wani ya duba tsarin rufin ba. In rufin irin mai tiros ne, wato katakan da aka harhaɗa su kusurwa uku-uku, kowane katako yana ɗauke da ɗan'uwansa, tokara wuri ɗaya ba ta isa.

Baba Kafinta: Wanda bai taɓa kwanciya cikin silin da rana tsaka ba, shi ke yawan cewa a kira wani.

Uwar Marayu: Ku bar musu. Ni da aka yi mini ta ciki, bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin sabon rufi ba. An cire allon silin huɗu, aka zura katakon ta nan.

Abu Haidar: Ni kuwa wanda ya zo daga baya cewa ya yi ladan aikin ciki ya fi na waje, don wurin a matse yake. Ya ce da ƙyar zai gaza rabin sabon rufi.

Maman Biyu: Ƙanena ya sake hawa. Katakon kan bangon ma ya yi laushi a ƙarƙashin rafta biyu. Babu hanyar ƙasa irin ta gara, in an soka yana marmashewa ne gutsi-gutsi.

Baba Kafinta: To ruwa ne, ba gara ba. Yanzu magana ta ɗan canza. Sai an ɗaga fallen kwano biyu ko uku na bakin wurin, a tokare raftocin, a yanke ruɓaɓɓen guntun a sa sabo a ɗaure shi da bango. Wannan ba yaye rufi ba ne, yini guda ake mayar da kwanon. A nan ne kuma za a toshe yoyon, don in ba a toshe ba sabon ma haka zai bi. A kashe wuta kafin a shiga, wayoyi suna bin katakon nan. In silin ɗin tsohon asbestos ne, kada a sa masa zarto ko a fasa shi, ƙurarsa tana illa ga huhu.

Ɗan Autan Gida: A shafe sabon katakon da baƙin mai, babu abin da zai ci shi.

Injiniya Ƙarami: Baƙin mai ba maganin katako ba ne, ga wari a cikin gida, ga haɗarin gobara. A nemi maganin katako na gaske, a jiƙa bakin da aka yanka sosai. Kuma katakon ya zama busasshe. In danshinsa ya wuce kashi 20 cikin 100 ruɓa tana iya kama shi, in ya bushe a sama kuma ya tsuke, bol ya yi sako-sako.

Abu Haidar: Busasshe a ina? Masu katako ɗanye suke sayar maka suna rantsuwa. Ka ce tu-bai-fo, ka je gida ka auna ka ga an cinye gefe.

Uwar Marayu: Wallahi haka ne. Nawa sai da na jera su a inuwa da 'yan sanduna a tsakani, duk da haka biyu suka murɗe, mai katakon ya ce shi ba ya karɓar abin da ya fita.

Mai Sauri: Ku riƙa zuwa da tef ɗinku. Ni a gabansu nake aunawa, suna harara ina zaɓa.

Maman Biyu: Na gode. Amma Baba, tokarar nan a cikin falo za ta tsaya duk tsawon aikin? Za mu iya kwana a ɗakin da ke kusa?

Abu Haidar: Ni dai kafin komai ki sa ya rubuta miki abin da zai yanka da abin da ba zai taɓa ba, ya sa hannu a gaban shaida.