Tambaya kan PS4 na hannu da na sayo a Kumasi

Salamu alaikum 'yan uwa, ina neman taimakonku. Na sayi PS4 na hannu a Adum, a wajen wani mai shago. Kafin in biya na sa faifan wasa, ya ja shi ba gardama, ya karanta, na danna maɓalli ya fito da shi. Na bar shi a kunne rabin awa, fanka ba ta yi ƙara ba. Hannun wasan ma na cire masa waya, batirin ya riƙe caji.

Matsalar tana wajen wasannin da ke ciki, kuma saboda su kuɗin ya hau. Da na haɗa shi da intanet a gida, sai hoton kwaɗo ya fito a kan kowanne, sun ƙi buɗewa. Na shiga Settings, na danna Restore Licenses, ba abin da ya canza. A fahimtata wasannin suna kan asusun mai shi na farko ne, kuma ya cire injin daga matsayin Primary PS4 ɗinsa. Mai shago ya ce ba shi da kalmar sirrin.

Na san in na yi Initialize PS4 komai zai goge. Akwai halastacciyar hanyar buɗe su, ko in mayar masa ya rage mini kuɗin wasannin? Don Allah wanda ya sani ya taimaka.