Shayi da madara na ɓata mini ciki, kindirmo kuwa lafiya lau: wane iri zan riƙa saye?

Maman Ummi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Duk safiyar da na sha shayi mai kauri da madarar gari, kafin hantsi cikina ya ɗauki ƙugi, ya kumbura, wani lokaci har da gudawa. Amma in na dama fura da kindirmo da rana ko gezau. To ba duk nonon saniya ba ne? Kuma azumi na tafe, ina son in san wanda zan riƙa saye.

Malam Lawal: Wa alaikumus salam. Ai wannan sananne ne, Hajiya. Madara na da wani sukari da cikin manya bai iya narkarwa. In ta yi tsami, sukarin ya ƙare kaf. Ki sha kindirmo ko yogot iya cikinki.

Shamsu Ƙofar Ƙaura: In maganar suga ce gara ki je a auna jininki. Babanmu ma haka aka hana shi yogot.

Anti Rabi: Shamsu, ba ciwon suga take nufi ba, wannan daban ne. Malam Lawal ya kama hanya, sai dai "iya cikinki" ɗin nan ne zan ja da shi.

Maman Ummi, ga yadda abin yake. A cikin madara akwai sukarin da ake kira laktos. Kofi ɗaya na madarar shanu, wato kwatan lita, yana ɗauke da wajen giram 12. Kafin jiki ya amfana da shi sai wani sinadari da bangon ƙaramin hanji ke yi ya raba shi biyu. Jariri na da wannan sinadari isasshe, amma mafi yawan mutanen duniya yana raguwa a jikinsu bayan yaye. To sukarin da ba a raba ba sai ya zarce babban hanji. Can yake janyo ruwa, shi ne gudawar, ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a hanjin kuma su dira a kansa su yi ta fitar da iska, shi ne ƙugin da kumburin. Galibi daga rabin awa zuwa awa biyu bayan sha ake fara ji, kamar dai yadda kika faɗa.

Malam Lawal: To ai abin da na ce ke nan, Anti. Tsami ya cinye sukarin.

Anti Rabi: Bai cinye duka ba, Malam. Ƙwayoyin da ke sa nono ya kama suna cin sukarin su mai da shi tsami, amma da tsamin ya yi yawa su da kansu suke lafawa. Abin da suke ci bai cika wuce kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari ba. Kofin da ke da giram 12 zai dawo wajen giram 9. Ka ga da saura da yawa.

Babban dalilin yana wani wurin. Su waɗannan ƙwayoyi suna ɗauke da nasu sinadarin raba sukarin a cikin jikinsu. In ka sha yogot mai rai, ka haɗiye sukarin tare da abin da zai narkar da shi. Jikin ƙwayar na kare sinadarin daga ruwan tsamin tumbi, nonon kansa ma na rage kaifin ruwan. Da suka isa ƙaramin hanji, ruwan maɗaciya ya taɓa bangon ƙwayoyin, sai sukarin ya samu hanyar haɗuwa da sinadarin, aikin da hanjinka ya gaza su ƙarasa maka shi. Sannan abu mai kauri a hankali yake barin tumbi, ba kamar shayi da ke wucewa zuruf ba, don haka ɗan sinadarin da ya rage maka ma yana samun sararin yin nasa.

Bello Daura: Anti, ki yi haƙuri, ni fa ban ga haka ba. Na sayi yogot na gora a wani shago, mai sanyi, mai kauri kamar a yanka. Na shanye rabin lita a tsaye. Wallahi daren nan ban runtsa ba. Ya fi shayi wahalar da ni.

Hajiya Gambo: Bello ɗana, na gora ka ce? Yawancinsu madarar gari ce ake kwaɓawa. Kuma ba ka san me aka zuba aka samu kaurin ba, wasu har sitaci suke sawa.

Anti Rabi: Hajiya ta taɓo wurin. Bari mu lissafa na Bello. Madarar gari mai maiƙo, a kowane giram 100 akwai sukarin madara kusan giram 38. In ana son ta dawo daidai da madarar saniya, giram 125 zuwa 130 ake kwaɓawa a samu lita ɗaya. A ce mai yin yogot ɗin na son kauri ya zuba giram 200. Lita ɗaya ta tashi da giram 76 ke nan. Ƙwayoyi su ci kashi ɗaya cikin huɗu, saura 57. Rabin litar da ka shanye na da giram 28 da ɗoriya, ya ninka kofin madara fiye da sau biyu. Alhali mafi yawan masu wannan matsala abin da suke iya ɗauka a zama ɗaya ba tare da wahala sosai ba wajen giram 12 ne, musamman in da abinci a ciki. Ban san nawa mai naka ya zuba ba, misali na ba ka, amma ka ga yadda abin ke tashi.

Akwai kuma na biyu. Wasu masu sana'ar suna sake dafa yogot bayan ya kama don ya daɗe bai lalace ba. Zafin na kashe ƙwayoyin, ya lalata sinadarin. Duk wanda ka gani a jere a kan kanta ba firij, an rubuta zai yi watanni, to ba rai a cikinsa. Tsamin na nan, taimakon ya tafi.

Bello Daura: To ta yaya mutum zai gane mai rai in ba rubutu a jiki?

Hajiya Gambo: Wannan mai sauƙi ne, mu da muke yi kullum. Ka tafasa madara kofi ɗaya, ka bari ta huce har ka iya tsoma ɗan yatsa ka ƙirga goma bai ƙone ka ba. Ka zuba cokali ɗaya na yogot ɗin, ka rufe, ka ajiye wuri mai ɗumi. In da safe ka ga ta kama, irinka na da rai. In ta kwana tsululu, ka canza wurin saye.

Maman Ummi, ni shawarata ki yi naki a gida. Lita ɗaya, babban cokali biyu na iri. Da bazara a garin nan awa shida ya ishe shi, da hunturu sai kin naɗe mazubin da bargo ya kwana. Kada ki zuba iri madara na da zafi, zai mutu. In kuma ta huce da yawa sai ya ƙi kamawa ko ya yi yauƙi. Kuma ki bar shi ya yi tsami sosai, wanda ya kwana biyu ya fi sauƙi a ciki, tun iyayenmu haka suke cewa.

Anti Rabi: Gwajin nan na Hajiya ya yi. Amma na kwana biyu ina da ja kaɗan. Ƙarin awoyi na rage sukarin, gaskiya ne, sai dai da tsami ya kai wani matsayi ragin ba ya da yawa, kuma a zafin Katsina abin da ya kwana biyu a waje na iya ɗaukar wani ciwon. Abin da ya fi rage shi shi ne tacewa. Ki juye a tsumma mai tsabta ki rataye awa biyu ko uku a wuri mai sanyi. Sukarin a cikin ruwan yake, ruwan da ya tsiyaye ya tafi da kaso mai kyau.

Hajiya Gambo: Ni dai shekara da shekaru mai kwana biyu nake ba masu irin cikin nan, ba wanda ya dawo da ƙorafi. Amma kowa da abin da ya gani.

Malam Lawal: Ga Fulanin rugagen da ke kawo mana nono, madara suke sha da ɗuminta daga hantsa, ba abin da ke samunsu. Ba sabo ba ne kawai?

Anti Rabi: Gado ne mafi yawa. Da yawa daga Fulani makiyaya sinadarin ba ya ɗaukewa a jikinsu har tsufa, kuma ana gadonsa. Sabo na da ɗan tasiri: wanda ke shan kaɗan-kaɗan kullum, ƙwayoyin babban hanjinsa na iya daidaitawa alamun su ragu, amma hanjin ba zai koma yin sinadarin ba. Tun da ka ambaci mai ɗumi daga hantsa, don Allah a riƙa tafasawa. Madarar da ba a dafa ba na iya ɗauke da tarin fuka na shanu da cutar bakkale, kuma tsami ba ya tabbatar da sun mutu. Shi ya sa na fi natsuwa da kindirmo, don ana dafa madararsa kafin a sa iri. Ki tambayi mai kawo miki, Maman Ummi, ko tana dafawa.

Zainab Ƙofar Marusa: Anti, yarona ɗan shekara biyu in ya sha madara sai jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, leɓensa ya kumbura. In gwada masa kindirmon ke nan?

Anti Rabi: A'a Zainab, kada ki gwada ko cokali ɗaya. Wannan ba sukarin madara ba ne. Sukarin a ciki yake tsayawa: iska, murɗa, gudawa. Ƙuraje, kumburin leɓe, amai nan take ko sarƙewar numfashi alama ce jikinsa na faɗa da furotin ɗin madarar, shi kuwa yana nan daram a kindirmo da yogot. Ki kai shi ga likitan yara, in kuma numfashi ya taɓu, asibiti a take.

Zainab Ƙofar Marusa: Innalillahi. Na gode Anti, gobe da safe za mu je in sha Allahu.

Maman Ummi: Allah ya ba shi lafiya. To ni da azumi ya zan yi? Da fura nake buɗa baki.

Anti Rabi: Kada ki fara da ita ciki wayam. Dabino da ruwa, ki ɗan ci wani abu, sannan furar. Ki fara da rabin kofi na kindirmo na kwana uku, in shiru ki kai kofi. Gara kofi a buɗa baki, kofi a sahur, da ki haɗa biyun a zama ɗaya. Man shanu ki ci abinki, sukarin da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba. Amma in kin bar madara mako biyu cikin bai daina ba, ko kina rama, ko kin ga jini, to ba wannan ba ne, ki je a duba ki.

Bello Daura: Hajiya Gambo, in na zo da madarata ranar Asabar za a sam mini iri?

Hajiya Gambo: Ka zo da kwano mai murfi, kuma ka wanke shi da ruwan zafi. Bayan la'asar ina gida.

Maman Ummi: Hajiya, ni ma a ajiye mini. Amma tambaya ɗaya: in na yi da madarar gari a kan awon da Anti ta faɗa, zai kama kamar na shanu, ko sai na nemo ta ruga?