Neman shawara: kafin alƙalami nawa ya kamata in ajiye a bashin mota?

Abban Khadija, Kubwa

Assalamu alaikum. Na ga wata mota ƙirar Toyota Corolla 'yar Kwatano a kan naira miliyan 10, kuma banki ya yarda ya ba ni rance na wata 36 da kuɗin ruwa kashi 30 cikin 100 a shekara, bisa sharaɗin in ajiye aƙalla kashi 20 cikin 100 na farashin a matsayin kafin alƙalami. Ina da ajiyar naira miliyan 4 da rabi, abin da ke shigo mini a wata bayan an cire haraji da fansho kuma naira 800,000 ne. Shin in ajiye miliyan 2 in riƙe sauran, ko in ajiye miliyan 4? Mene ne bambancin a biyan wata-wata da kuma jimillar abin da motar za ta ci?

Baba Akanta, Garki

Wa alaikumus salam, Abban Khadija. Zan ɗauka cewa kashi 30 ɗin a kan ragowar bashi ake lissafa shi, kamar yadda bankunan kasuwanci suka saba, amma ka tabbatar da hakan a takardar tayin da suka ba ka kafin ka dogara da alƙaluman da zan kawo.

A irin wannan lissafi, kashi 30 a shekara yana nufin kashi 2.5 a kowane wata, kuma duk naira miliyan 1 da ka ranta na wata 36 za ta ɗora maka biyan kusan naira 42,450 a wata, wanda idan aka tara shi har ƙarshe zai kai kimanin naira 1,528,000. Ke nan kowace miliyan ɗaya da ka ƙara a kafin alƙalami tana rage maka naira 42,450 a wata, tana kuma hana ka biyan ruwan naira 528,000 a tsawon shekara uku.

Idan ka ajiye miliyan 2, bashinka miliyan 8 ne, za ka riƙa biyan kusan naira 339,600 a wata, kuma motar za ta tsaya maka a kan kimanin naira miliyan 14.23 idan an haɗa da abin da ka ajiye tun farko. Idan ka ajiye miliyan 4, bashin ya sauko miliyan 6, biyan wata ya koma kusan naira 254,700, jimillar kuma ta tsaya a kimanin miliyan 13.17. Tsakanin biyun akwai naira 84,900 a kowane wata da kuma fiye da naira miliyan 1 a jimilla, alhali mota ɗaya ce, ranar karɓa ɗaya.

Dalilin da ya sa bambancin ya yi girma haka shi ne ruwan yana bin abin da ya rage a kanka ne, kuma a farkon bashi kusan komai yana kanka. A watan farko na bashin miliyan 8, naira 200,000 daga cikin 339,600 da za ka biya ruwa ne zalla, abin da zai taɓa uwar kuɗin bai kai 140,000 ba. A bashin miliyan 6 kuwa ruwan watan farko 150,000 ne. Mutane da yawa sukan duba asusunsu bayan shekara guda su ga uwar kuɗin ba ta ragu yadda suka zata ba, su ɗauka cuta aka yi musu, alhali haka jadawalin yake tun ranar da suka sa hannu.

Akwai kuma abin da nake ganin zai yanke maka shawarar tun kafin ka yanke da kanka. Bankuna da yawa ba sa son biyan bashi ya wuce kusan kashi ɗaya bisa uku na albashin da ke shiga hannu, kuma naka kashi ɗaya bisa ukun naira 266,667 ne. Miliyan 2 ba ta shiga wannan ma'auni ba, miliyan 3 ma ba ta shiga ba, domin biyanta kusan naira 297,200 ne. Amincewar da ma'aikacin banki ya yi maka da baki daban take da abin da sashen tantance bashi zai sa wa hannu.

Alhaji Mai Tayal, Dei-Dei

Baba Akanta, Allah ya ƙara basira, amma ni a kasuwa na tashi, kuma ban taɓa ganin hikimar zuba tsabar kuɗi a cikin ƙarfen da darajarsa ke raguwa ba. Lokacin da na sayi motar ɗaukar kaya da bashi, mafi ƙarancin abin da aka nema na ajiye, sauran na sa a kayan shago na juya su, ribar da suka kawo ta biya ruwan har da saura. Ga shi kuma naira kullum sauka take yi, abin da zai biya a shekara ta uku bai kai nauyin na yau ba. Shawarata ya ajiye miliyan 2, ya ƙara wa'adin zuwa wata 48 don biyan ya yi masa sauƙi.

Baba Akanta, Garki

Ranka ya daɗe Alhaji, maganarka gaskiya ce ga wanda yake da shago kamar naka. Ma'auninta guda ne: sai kuɗin da aka riƙe suna kawo riba sama da kashi 30 a shekara, bayan an cire asara da bashin da ba a biya ba, sannan riƙe su yake da amfani. Abban Khadija ma'aikaci ne, kuma idan miliyan 2 ɗin za su kwanta a asusun ajiya ne, abin da za su samo ba zai kama ƙafar ruwan da ake cajinsa ba. Batun faɗuwar naira ma yana taimakon mai bashi ne idan albashinsa yana hawa tare da farashin kaya, kuma idan yarjejeniyar ba ta ba bankin damar ƙara ruwa a tsakiyar tafiya ba, alhali yawancin takardun tayi suna ɗauke da wannan damar.

Wata 48 kuwa ban goyi bayansa ba. Bashin miliyan 8 na wata 48 zai sa biyan wata ya zama kusan naira 288,000, wanda har yanzu ya haura kashi ɗaya bisa uku na albashinsa, jimillar kuɗin motar kuma ta tashi zuwa kimanin miliyan 15.83. Ƙara wa'adi da ƙara kafin alƙalami duka suna sauke biyan wata, sai dai na farko yana ƙara jimilla, na biyu yana rage ta.

Malam Abu Sumayya, Nyanya

'Yan uwa, duk wannan lissafin na kuɗin ruwa ne, kuma a Abuja muna da mafita, tunda bankin Jaiz da bankin Taj duk a nan hedikwatarsu take. A murabaha banki ne zai sayi motar ya sayar maka a kan farashi sananne wanda ba ya canzawa, saboda haka ko kaɗan ka ajiye ko da yawa, babu ruwan da zai hau kanka. Ka ajiye mafi ƙanƙanta ka huta.

Maman Yusra, Gwarimpa

Malam, Allah ya saka da alheri da tunatarwa, kuma gaskiya ne cewa farashin murabaha ba ya motsi bayan an sa hannu. Sai dai kafin a sa hannun, ribar da bankin zai ɗora tana bin yawan kuɗin da shi ya fitar da tsawon lokacin da zai jira, don haka abin da aka ajiye yana da tasiri a can ma. A matsayin misali kawai, idan aka ɗora ribar kashi 18 a shekara a kan dukan kuɗin na tsawon shekara uku, miliyan 8 za ta jawo ribar miliyan 4.32 da biyan naira 342,222 a wata, miliyan 6 kuma ribar miliyan 3.24 da biyan naira 256,667. A lura cewa kashi 18 da aka lissafa a kan dukan kuɗin ya ɗan fi kashi 30 na ragowar bashi tsada, shi ya sa kwatanta kashi da kashi yake yaudarar mutum, kuma wasu dillalan da ke ba da mota a biya sannu a hankali da wannan salon suke tallata nasu. Abin da za a nema a rubuce daga kowa shi ne jimillar da za a biya a naira. A murabaha ma ajiye da yawa tun farko ya fi muhimmanci, domin idan ka samu kuɗi daga baya ka biya da wuri, rangwamen da za a yi maka yana hannun bankin ne.

Abin da ya fi damuna, Abban Khadija, babu wanda ya taɓo shi. Mai ba da rancen mota zai wajabta maka cikakkiyar inshora ko takaful, kuma tun Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa ta ƙayyade cewa kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar. A motarka naira 500,000 ke nan a shekarar farko, kuma ba ya raguwa don ka ƙara kafin alƙalami, tunda darajar motar yake bi. Idan ka ajiye miliyan 4 ka biya inshora, ajiyarka ta ƙare ƙaf, ba a zo kan kashi 1 na kuɗin gudanar da rance ba, ba a zo kan rajista da lamba a Mabushi ba, ba a kuma zo kan abin da bakanike zai canza ba, wanda motar Kwatano ba ta rasa shi. Kuɗin hayar gidanka kuma a shekara ake biya ko kuwa gidan naka ne?

Abban Khadija, Kubwa

Haya nake yi, Hajiya, kuma saura wata biyar a nemi na shekara. Ban sa inshorar a lissafina ba sam.

Baba Akanta, Garki

To, ga iyakokin. Mafi yawan bashin da naira 266,667 a wata za ta ɗauka a wannan ruwa shi ne kusan miliyan 6.28, wato kafin alƙalaminka a wannan motar ba zai gaza kimanin miliyan 3.72 ba. Idan ka cire shi daga ajiyarka, ka cire inshora da kuɗin gudanarwa, abin da zai rage bai fi naira 220,000 ba, ga haya tana tafe. Idan kuwa ka sauko zuwa motar miliyan 9 ka ajiye miliyan 3, bashin miliyan 6 ne, biyan wata yana nan a 254,700, inshora ta sauko 450,000, kuma kusan miliyan 1 za ta rage a hannunka. Ka kuma tambayi bankin a rubuce ko ana cin tara idan ka rage uwar kuɗin da dunƙulallen kuɗi a tsakiyar wa'adi, domin idan ba a ci, abin da ya saura bayan haya zai iya shiga can.

Alhaji Mai Tayal, Dei-Dei

Miliyan ɗayan da za a rage a farashi, a wajen bakanike za ta fita, domin motar miliyan 9 ta fi ta 10 tsufa ko nisan tafiya, kuma wasu bankunan ba sa ba da rance a kan motar da ta wuce wasu shekaru. Ni dai ina kan bakana. Ya fara tambayar shekarar ƙirar da bankin ke karɓa kafin ya koma wajen dillali.