Neman kalmar Hausa: me za mu kira "sikel" na hoto wajen lissafin tayil?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum. Ina rubuta wa yaran shagonmu ɗan bayani da Hausa kan yadda ake fitar da adadin tayil idan mai gida ya turo hoton ɗaki kawai, an shimfiɗa tef a ƙasa ana gani. Na zo wuri ɗaya na maƙale. Akwai abin da Bature ke ce wa sikel, wato mita ɗaya ta gaskiya nawa ta koma a cikin hoton. Misali tef an ja shi mita 1, ka sa rula a kan hoton ka ga santimita 5 ya ci. Wannan dangantakar nake nema wa suna. Na fara rubuta "sikeli", wani yaro ya tambaye ni ko kwalin tayil ɗin za a ɗora a kai. Malamai a taimaka.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. To ai yaron bai yi laifi ba, ni ma da na ga kan maganar na ɗauka nauyin kwali ake tambaya saboda kuɗin mota. Sikeli dai na mahauta ne da masu sayen tsohon ƙarfe. Me zai hana a ce ma'auni? Kowa ya san shi.

Baban Khalifa: Hajiya, na gwada. Matsalar ita ce tef ɗin kansa ma'auni ne, rular ma ma'auni ce. Sai jimlar ta zama "a ɗauki ma'auni a auna ma'aunin da ke hoto don a samu ma'auni". Ni kaina na karanta na rasa wanne nake nufi.

Oga Mai Tayil: Kafin a raɗa wa jariri suna a tabbata an san ko ɗaya ne ko tagwaye. Yadda ka faɗe shi, Alhaji, kamar kowane hoto sikel ɗaya gare shi. Ba haka ba ne, kuma nan ne ake tafka asara.

Wani ya turo min hoton ɗakin da ya gina a Kumbotso, shi yana Abuja, ƙanensa ya ɗauka. Yaron ya tsaya a bakin ƙofa, ya shimfiɗa tef mita 1 a gicciye a tsakar ɗaki, kamar mita 2 daga inda yake tsaye. Na buɗe hoton a kwamfuta, tef ya ci santimita 5, gindin bangon can ƙurya ya ci santimita 8. Wanda bai sani ba zai raba 8 da 5 ya ce faɗin ɗakin mita 1.6 ne. Ɗakin kwana kuma! Ko banɗaki sai a hankali. Da na je na auna, mita 3.6 ne. Bangon yana nesa da kyamara da kusan mita huɗu da rabi, tef kuwa mita biyu, abu kuma idan nisansa ya ninka girmansa a hoto rabi yake komawa. A wajen bangon mita ɗaya ba 5 take ci ba, biyu da ɗan ɗoriya take ci.

Saboda haka tef ba ya ba da shaida sai a kan abin da ke nisa ɗaya da shi. Ni a wurin aiki "canji" nake ce wa yara. Kamar na 'yan canjin kuɗi na Wapa: nawa ake ba da mita a nan? Canjin bakin ƙofa daban, na ƙurya daban, kada ka karɓi na nan ka je ka kashe a can. Suna ganewa nan take.

Ɗan Maraɗi: Oga ka burge ni, mu da ke tsakanin sefa da naira kullum wannan ya zauna mana. A nan magina eshel suke cewa, daga Faransanci, tayil kuma karo. Amma ina da ja kaɗan. Idan aka rubuta "canjin awo", ni abin da zai zo min shi ne mayar da ƙafa zuwa mita, don ku can kuna cewa ɗaki sha biyu sha biyu, mu kuma sai mun juya shi ya zama wajen mita 3.6 kafin mu fahimta. Wannan ma ai canjin awo ne.

Malamin Zane: Gaskiyar Ɗan Maraɗi. "Canji" yana da daɗi a baki, a rubuce kuwa zai haɗu da wancan. Ni a aji, idan ina bayanin zanen gini da aka rubuta 1:100 a gindinsa, cewa nake "gwargwado": santimita ɗaya a takarda gwargwadon mita ɗaya a ƙasa. Kalmar tamu ce tun asali, kuma aikinta ke nan, daidaita wani abu da wani, kamar yadda ake cewa a ba kowa gwargwadon aikinsa. Ina ba da shawarar "gwargwadon hoto". Bambancin da Oga ya kawo shi ne zanen gini gwargwadonsa ɗaya ne daga wannan gefe zuwa wancan, hoto kuwa ba haka ba sai an ɗauke shi ido da ido da abin da ake aunawa.

Autan Mama: Ku gafarce ni manya, amma wanda ke riƙe da tef a cikin ɗakin me ya hana shi ya auna bangon kawai ya faɗi lamba? Ko ni ne ban gane ba?

Oga Mai Tayil: Auta ka gane sarai, hakan ya fi komai, kuma duk wanda zai iya komawa ɗakin shi nake fara ce masa. Amma ka yi wannan sana'ar ka gani. Wani tef ɗinsa na tela ne, mita ɗaya da rabi. Wani ya karanta gefen inci ya ce maka santimita ne. Wani kuma an kulle gidan, makulli yana hannun wanda ya tafi Umara, hoton kaɗai ya rage.

Idan dole sai hoto, ga abin da nake sa a yi. A kwantar da tef a gindin bangon, ya manne da shi. Mai ɗauka ya koma bangon da ke fuskantarsa, ya tsaya a tsakiya, wayar a miƙe kada ta karkata, kusurwa biyun bangon duka su fito. Kada a danna `0.5x` don ɗakin ya shiga, wannan kyamarar takan lanƙwasa gefe. Sai a sake wani hoton haka ga bangon tsawo.

Na ɗakin Kumbotso na sa sun sake kafin in je. Hoton farko mita ɗaya ta ci santimita 2.5, bango ya ci 9, ka raba ka samu 3.6. Na biyu mita ta ci 2, bango 8.4, ya ba da 4.2. Ka lura canjin ya bambanta tsakanin hotunan biyu, kowane hoto da nasa. Faɗi sau tsawo, murabba'in mita 15.12. Tayil mai 40 da 40 guda ɗaya yana rufe 0.16, ka raba ka samu 94 da rabi, wato 95.

Ni ba na tsayawa nan, sai na jera su a kai. Ta faɗi guda 9 cif, ta tsawo layi 10 da rabi. Cikakku 90 ke nan, layin ƙarshe rabi-rabi guda 9, waɗanda za a yanko daga tayil 5. Ya sake ba da 95, lissafi biyu sun haɗu. A ƙara kashi goma cikin ɗari na fashewa da ɓarnar yanka, 105. Irin da muka saya guda 12 ne a kwali, kwali 9 ke nan, amma a duba jikin kwalin, kamfani ya bambanta.

Maman Ilham: Lissafin nan daidai da na ɗakina, kwali tara aka ce min, ranar aiki mai sa tayil ya ce bai isa ba. Na ɗauka cuta ce, har muka yi 'yar sa-in-sa.

Oga Mai Tayil: Hajiya, ina zargin siketin ne ba a lissafa ba, wanda ake zagaya gindin bango da shi. Shi ba ya cikin faɗin ƙasa. A wannan ɗakin kewaye mita 15.6 ne, a cire ƙofa 0.9, saura 14.7. Ni tsiri uku nake ƙirgawa daga kowane tayil, don na huɗu sau da yawa ba ya fita lafiya, wato mita 1.2. Tayil 13 ke nan a kan 105, ya zama 118, kwali 10. Kuma a saye su rana ɗaya, don idan an koma daga baya kalar takan ɗan bambanta ko da sunan tayil ɗin ɗaya ne. A yafe wa bawan Allah.

Malamin Zane: Oga, wuri ɗaya nake so in taɓa. Hotonka na biyu mita ta ci santimita 2 kacal. Idan ido ya kuskure milimita ɗaya a nan, kashi biyar cikin ɗari ke nan. Ka karanta 1.9 maimakon 2, bangon ya tashi daga 4.2 ya koma 4.4. Idan bangon ɗayan ma ya sami irin wannan kuskuren ta gefe guda, faɗin ƙasa ya gurɓace da kusan kashi goma, kwatankwacin kwali guda. Maganinsa a ja tef ɗin mita 2 ko 3 in yana da tsawon, kuma kada a ƙara girman hoton tsakanin auna tef da auna bango.

Oga Mai Tayil: Na karɓa, Malam. Shi ya sa lissafin hoto nake ba da shi a matsayin na shirya kuɗi, ba na loda mota ba. Kuma hoto ba zai gaya maka ɗakin ya karkace ba. Birkila ya bar maka bango ɗaya 4.2 ɗayan 4.3, sai ka zo da igiya ka auna kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu ka ga ba su yi daidai ba.

Ɗan Maraɗi: To shi wancan ƙanƙancewar da abu ke yi idan ya yi nisa, shi ma ai yana son suna. Tagwayen da Oga ya ce.

Malamin Zane: Ina cewa "tsukewar nesa", don idan ka dubi hoton, bango biyu na gefe tsukewa suke yi suna neman haɗuwa. Ban ji wani yana faɗa ba, amma ɗalibai ba su taɓa tambayata ma'anarsa ba.

Baban Khalifa: Na gwada su a jimla: "Gwargwadon hoto ba ɗaya ba ne a ko'ina saboda tsukewar nesa, don haka a ajiye tef a gindin bangon da ake son aunawa." Na karanta wa yaran biyu. Ɗaya ya gane, ɗayan sai da na ce masa "canjin nan ba na can ba ne" sannan ya gyaɗa kai. Zan sa gwargwado a rubutu. Abin da ya rage min, yaya za a tambaya? "Nawa ne gwargwadon?" bai zauna min a kunne ba, "nawa ne canjin?" kuwa ya zauna.

Oga Mai Tayil: Alhaji, ba yaron da zai tsaya cewa gwargwado da turmin siminti a gabansa. Ku rubuta naku, mu a wurin aiki canji za mu ci gaba da cewa.

Maman Ilham: Ni dai a sa maganar siketin a cikin takardar, da manyan baƙi.